Wasiƙa zuwa ga Malam kan kuskuren shigarwar rufe asusu a aikin rukuni na uku

Birnin Kebbi

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne a madadin rukuni na uku game da aikin da muka miƙa ranar Litinin, tambaya ta biyu, wadda ta shafi ɗan kasuwar da ke sayar da shinkafa a Argungu shi kaɗai, kuma shekararsa ta ƙare 31 ga Disamba 2024. Akwai kuskure a shigarwar rufewa da ke shafi na huɗu, kuma mun fi son ka ji daga bakinmu kafin ka kai ga makin.

Lissafin sama bai taɓu ba. Ciniki ₦4,800,000 ne. Kayan farkon shekara ₦600,000 da sarin ₦3,100,000, idan aka cire ragowar ₦500,000 da ke sito, kuɗin kayan da aka sayar ya zama ₦3,200,000, ɗanyar riba kuma ₦1,600,000. Hayar shago ₦240,000, albashin yaran shago ₦360,000 da kuɗin mota ₦150,000 sun haɗu ₦750,000.

Matsalar tana wajen ₦300,000 da mai shagon ya ɗiba don cefanen gidansa da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Tambayar ta ce yana kiran kuɗin "albashina", mu kuma muka bi bakinsa muka rufe su cikin asusun riba da asara kamar albashin yaransa. Ga abin da muka rubuta:

```
Dr Riba da Asara    300,000
   Cr Ɗiban Mai Shago    300,000
Dr Riba da Asara    550,000
   Cr Jari               550,000
```

Wannan ba daidai ba ne. Mai kasuwa shi kaɗai ba ma'aikacin kansa ba ne, domin ribar gaba ɗaya tasa ce. Yaron da ke ɗaukar buhu yana auna kwano, abin da aka biya shi an kashe ne don a samu ciniki, saboda haka yana rage riba. Amma idan mai shago ya buɗe aljihun tebur da yamma ya ɗauki dubu biyar ya aika gida, shagon bai sayi komai da su ba, jarinsa ya ɗiba, ko da wane suna ya kira su. Saboda haka asusun ɗiba a jari ake rufe shi kai tsaye, bai da hanya ta riba da asara. Gyararriyar shigarwar ita ce:

```
Dr Riba da Asara    850,000
   Cr Jari               850,000
Dr Jari             300,000
   Cr Ɗiban Mai Shago    300,000
```

Abin da ya fi damuna, Malam, shi ne yadda kuskuren ya ɓuya. Jarin farko ₦2,000,000 ne. Ta hanyar da muka bi, an ƙara ₦550,000 ya zama ₦2,550,000. Ta hanyar da ta dace, an ƙara ₦850,000 an cire ₦300,000, nan ma ₦2,550,000. Hagu da dama sun yi daidai, bayanin kadara da bashi ya daidaita har kwabo, shi ya sa duk mu biyar muka natsu. Daidaiton ɓangarori biyu yana nuna cewa kowace shigarwa ta samu abokiyarta ne kawai, ba ya nuna ta shiga asusun da ya dace. Irin wannan ne ka kira mana kuskuren ƙa'ida a aji. Ɗaya daga cikinmu ce ta gano shi tana bitar leja, da ta ga kuɗin makarantar yara suna zaune ƙarƙashin hayar shago.

Gyaran ya taɓa wuri guda kuma, wato sashe na (c), inda ka ce a fitar da kason tsantsar riba cikin ciniki. Mun rubuta kashi 11.5 cikin 100, amsar kuwa kashi 17.7 ce. Bambancin ba ƙarami ba ne: wanda zai ba ɗan kasuwar nan bashin banki ko ya ƙiyasta masa haraji zai ga shagon da ya fi na gaskiya rauni. Sharhin da muka yi cewa ya kamata ya rage kashe kuɗin shago shi ma mun janye shi, tunda ₦750,000 ya kashe, ba ₦1,050,000 ba.

Na haɗa sabon shafi na huɗu da na biyar da wannan wasiƙa, da sa hannun dukkan 'yan rukunin. Muna roƙon ka karɓe su a haɗa da na farko. Batun maki kuwa yana hannunka, duk yadda ka yanke mun amince. Idan kana son mu zo ofis mu yi bayani baki da baki, ba mu da lacca ranar Alhamis bayan azahar.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Ɗalibinka,
Shugaban rukuni na uku, ajin shekarar farko, Sashen Akanta