Gado na 4, ɗakin masu jego: handoban dare, na sake tsara shi

Salam Anti Hauwa, barka da asuba. Abin da na rubuta a littafin handoba da daddare na karanta shi yanzu na ga labari kawai na zuba, daga zuwan mai jegon har haihuwa har kukan jariri, maganar allurar da ban yi ba kuma tana can layin ƙarshe inda mai sauri ba zai kai ba, wallahi raina bai kwanta ba. Shi ne na zauna na mayar da shi tsarin nan mai hawa huɗu da metiron ke ta nanata mana. Ban sa sunanta ba tunda ta waya ne, yana jikin folda.

Halin da ake ciki: mai jego ce a gado na 4, tana kan maganiziyam salfet saboda jijjiga. Allurar ƙarfe 6 na safe BAN yi mata ba, da gangan na riƙe. Fitsarinta daga ƙarfe 2 zuwa 6 mil 60 ne kacal, numfashi ya sauko 14 a minti, gwiwa kuma da na buga da ƙyar ta motsa. Na kira likitan da ke kol 6:05, ya ce a ci gaba da riƙewa har ya zo.

Tarihi: shekararta 19, cikin fari, sati 37, awo sau ɗaya ta taɓa zuwa. An kawo ta 9:40 na dare bayan ta yi jijjiga sau biyu a gida, bipi 180/120, furotin a fitsari filos 3. Ƙarfe 10 aka yi mata lodin, wato allurar farko ta maganiziyam, giram 4 ta jijiya da giram 10 a ɗuwawu, biyar-biyar kowane gefe. Ta haihu da kanta 11:30, namiji, kilo 2.4, yana kama nono. An ba ta oksitosin, jinin da ta zubar wajen mil 300. Maganiziyam giram 5 na ƙarfe 2 na yi shi a gefen dama. Tun da ta shigo ba ta sake jijjiga ba. Ƙarfe 5:30 bipi ya koma 170/112, likita ya sa aka ba ta haidiralazin miligiram 5 ta jijiya 5:45. Uwar miji ce ke jinyarta, ta ce ba ta san wani magani da jikinta ba ya so ba.

Abin da na gani: ƙarfe 7 bipi 150/100, bugun zuciya 92, zafin jiki 36.8, numfashi har yanzu 14, oksijin 96. Tana amsa magana amma a kasale, ta ce kanta na sarawa kaɗan, idonta ba ya ganin dishi-dishi, ba ciwo a saman ciki. Mahaifa ta ƙulle sosai, jinin biƙi daidai. Robar fitsari na duba ta tun daga sama har jaka, ba ta lanƙwashe ba, mara ma ba ta cika ba, wato dai fitsarin ne ba ya zuwa. Ni a ganina maganin ne ya fara taruwa a jikinta, tunda ta ƙoda yake fita kuma ƙodar ta yi sanyi, abin da nake tsoro shi ne wani ya buɗe cat ya ga gurbin ƙarfe 6 ba sa hannu ya ɗauka mantuwa ce ya cike mata. Don Allah ki gaya wa ɗaliban da ke tare da ke da bakinki.

Abin da nake so a yi: kar a ba ta maganiziyam sai likita ya gan ta, kuma sai ukun nan sun dawo, numfashi 16 ko sama, gwiwa na harbawa, fitsari aƙalla mil 30 a awa. In 8 ta yi bai shigo ba ki sake kiransa, ko ki nemi babbansa. Numfashi da bipi duk minti 30, fitsari duk awa a rubuta adadi, kar a rubuta "yana zuwa". Kalsiyam gulukonet giram 1, makarin maganiziyam, na ajiye shi a tiren gefen gadonta da ambu, jakar taimakon numfashi, in numfashi ya sauka ƙasa da 12 a kira likita nan take, ana ba da kalsiyam ɗin ta jijiya a hankali cikin minti 10. Ruwan da ke tafiya mil 80 a awa ne, kar a buɗe shi don neman fitsari, huhunta zai iya cika. In bipi ya sake kai 160/110 a faɗa wa likita. Jinin gwajin ƙoda na tura lab 6:30, a aika a karɓo. Awa 24 ɗin maganin daga haihuwa ake ƙirgawa, 11:30 na daren yau kenan.

Ina wod har 8, in kin iso mu je bakin gadon tare ki buga gwiwar da hannunki, sannan ki maimaita min abin da kika ɗauka kafin in sa hannu.