Wasiƙar yoyon rufi, daga shafi biyu zuwa layi biyar

Wasiƙar da Habibu ya fara rubutawa

Dorayi, Kano
Lahadi, 10 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ranka ya daɗe, da nauyi ƙwarai nake rubuto maka wannan takarda, kuma ina roƙon ka gafarce ni idan na dame ka. Ka san ni ba mai yawan ƙorafi ba ne. Shekarata ta huɗu ke nan a gidanka, ban taɓa bari kuɗin haya ya yi latti ba, ban taɓa faɗa da maƙwabci ba. Ko da aka ƙara mana kuɗi a watan Janairu, daga naira 380,000 zuwa 480,000, ban ce komai ba, na ci bashi a wurin aiki na biya shekarar cif, duk da cewa mutanen sashen baya sun ce su ba a ƙara musu haka ba. Ba wai ina tayar da maganar ba ne, na faɗa ne kawai don ka san halin da nake ciki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar rufin ɗakin kwana. Tun ruwan farko muka ga alamar danshi a silin, ta kusurwar gabas. Na gaya wa Malam Idi dillali, ya ce zai sanar da kai. Bayan Babbar Sallah, ranar 14 ga Yuni, na zo shagonka a Kantin Kwari na gaya maka da bakina, ka ce in sha Allahu za ka turo kafinta. Muka yi ta zuba ido. Na kira ka ranar 20 ga Yuli, ka ce kana hanyar Legas, idan ka dawo za a duba. Na san harkoki sun yi maka yawa, shi ya sa ban matsa ba.

To, daren Laraba, 6 ga wannan wata, aka yi ruwa da iska, silin ya jiƙe ya rufto a kan gadon yara. Allah ne ya kiyaye, uwarsu ta riga ta kwashe su zuwa falo saboda ɗigar ruwa. Katifa ta lalace, littattafan makarantar babbar 'yata sun jiƙe, kuma wayar wutar ɗakin tana nan a buɗe tana reto, har na kashe layin gaba ɗaya. Yanzu mu shida muke kwana a falo. Ƙaramin yana ta tari. Da an ga hadari ya haɗo sai maiɗakina ta fara jera bokitai da robobi, ba mai runtsawa sai an ɗauke ruwa.

Na kira wani kafinta ya hau ya duba. Ya ce kwanon ya ci tsatsa ta wajen indararo, katako biyu sun ruɓe, kuma aikin gaba ɗaya, da kwano da katako da ƙusa da silin da ladansa, zai ci naira 165,000. Ban sani ba ko ya yi tsada, kai ka fi ni sanin waɗannan abubuwa.

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da cewa murfin sokawe ya tsage, kuma injin jan ruwa yana ta ba mu wahala tun azumi. Malam Idi kuma ba ya ɗaga waya sai lokacin karɓar kuɗi, abin yana min ciwo.

Don Allah Alhaji, idan da hali, a taimaka a duba mana lokacin da ka samu sarari. Ka yi haƙuri da tsawon bayani. Allah ya ƙara arziki, ya bar zumunci.

Naka,
Habibu

Abin da yayansa ya rubuto masa a daren

Habibu, na karanta, kuma raina ya ɓaci da jin yadda yaran nan suke kwana. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma kada ka kai masa ita a haka. Alhaji a shago zai buɗe ta, ga masu ciniki tsaye a kansa. Zai tsinci abin da ya fi sauƙin amsawa, wato ƙarin kuɗin haya ko maganar Malam Idi, ya ba ka amsa a kai, rufi kuwa ya kwana yadda yake.

Ka duba ƙarshenta da kyau. Ka ce "idan da hali", ka ce "lokacin da ka samu sarari". Tun watan Yuni kake jiran sararin nan, yanzu kuma da hannunka ka ƙara masa wa'adin da ba shi da rana. Ka ba shi haƙuri a farko, ka sake ba shi a ƙarshe, alhali ɗakinka ne ya rufta. Kuɗin kafinta ma kai ka fara cewa wataƙila ya yi tsada, tun bai buɗe baki ba.

Na cire sokawe da injin ruwa. Ku haɗu da mutanen sashen baya ku rubuta tasu daban bayan an gama wannan. Tarin yaro da littattafan Zainab ma na cire, duk da su suka fi tsaya min a rai. Ka kai yaron asibiti gobe, kada ka jira Alhaji a kan wannan. Sallama da gaisuwa na bar su, babba ne, girmansa yana nan.

Ka sa kafinta ya rubuta lissafinsa a takarda ya sa hannu, ka haɗa da hotunan silin. Ka yi kwafi uku: ɗaya ka miƙa wa Alhaji hannu da hannu, ɗaya ga Mai Unguwa, ɗaya ka adana tare da rasit ɗinka. Kada ka taɓa kuɗin haya sai an yi maganar a gaban Mai Unguwa. Ga ta nan.

Yayanka,
Yakubu

Wasiƙar da aka kai

Dorayi, Kano
Litinin, 11 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Alhaji,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa:

Rufin ɗakin kwana na sashen da nake haya yana yoyo, kuma daren 6 ga Agusta silin ya rufto a kan gadon yara, ya bar wayar wuta a buɗe.

Na sanar da kai ranar 14 ga Yuni da ranar 20 ga Yuli, ka yi alkawarin turo kafinta, har yau ba a zo ba.

Na biya hayar bana cif, naira 480,000, har ƙarshen Disamba, kuma rasit yana hannuna.

Ina buƙatar a gama gyaran nan da ranar Litinin, 25 ga Agusta. Ga lissafin kafinta na naira 165,000 da hotuna a haɗe.

Idan ranar ta wuce ba a gyara ba, zan nemi Mai Unguwa ya zaunar da mu, in gyara da kuɗina a cire daga hayar baɗi. Na ba shi kwafin wannan takarda.

Wassalam,
Habibu, ɗan hayar sashen gaba