Tsarin bidiyon neman aikin malamar gona: wurin ɗauka, tsawon lokaci da abin da zan faɗa

Abba, ga tsarin da na ce zan rubuto maka. Ka karanta shi tun kafin ranar Asabar, don kada mu je muna gardama a gaban kyamara rana tana ɗagawa. Wayarka za mu yi amfani da ita, kai ne mai ɗauka kuma kai ne mai riƙe agogo.

Sanarwar ƙungiyar da nake neman aiki a wurinta ta ce suna neman malaman gona da za su yi aiki da mata manoman wake a ƙauyukan Kano da Jigawa. Sharuɗɗan bidiyon ba su da yawa. Kada ya wuce minti 2, a yi shi da Hausa, fuskar mai nema ta fito sarai, kuma nauyinsa kada ya haura MB 100. Za su rufe karɓa ranar Litinin da ƙarfe 12 na rana.

Da na ga sun ce da Hausa, sai na gane abin da suke nema. Takarduna suna hannunsu, sun san inda na yi karatu da sakamakon da na fito da shi. Abin da takarda ba za ta nuna musu ba shi ne ko in na zauna a kan tabarma da matan ƙauye za su fahimce ni, su kuma yarda da ni. Saboda haka ba zan tsaya jero satifiket ba. Abu ɗaya zan koyar a cikin bidiyon, kamar yadda zan koyar da shi a ƙauye, wato adana wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, ba tare da magani ba. Duk abin da bai taimaka wa wannan ba, na cire shi.

Wuri da lokaci

Gidan Kawu za mu je, can bayan gida inda rumbu yake. Na riga na roƙe shi ya amince, sharaɗinsa kawai kada mu taka masa shanyar barkono. Na bar falonmu ne saboda labulen furanni da hotunan bango za su janye idon mai kallo, ga shi in an ɗauke wuta ɗakin duhu yake yi. Katangar ƙasar nan ta gidan Kawu kuwa launinta ɗaya, kuma duk wanda ya ga rumbu a gefe ya san wace sana'a ake magana a kai tun ban buɗe baki ba.

Mu isa ƙarfe 7, mu fara ɗauka 7:30, mu gama kafin 8:30. A lokacin rana ba ta yi ƙarfi ba, kuma hazon hunturun nan yana tausasa haske. Ka tsaya ta gabas, rana tana bayanka ta ɗan karkata gefe, ni ina fuskantarka. In muka juya, fuskata za ta yi baƙi ƙirin, katanga ce kawai za ta fito. Wani dalilin sammakon shi ne mai injin markaɗen da ke maƙwabtaka da su, da ya tayar da injinsa magana ta ƙare. Akuyoyin Gwaggo kuma a zuba musu harawa kafin mu fara.

Zan zauna a farar kujerar roba, buhun yana tsaye a damana, da ƙwarya cike da wake a kan ɗan benci. Wayar za ta kasance a kwance, tunda a kwamfuta za su kalla. Kada ka riƙe ta a hannu, komai ƙoƙarinka sai ta yi rawa. Mu kifa turmi, mu ɗora littattafai har kyamarar ta zo daidai idona, mu tokare ta da bulo. Tazara kamar taku uku, yadda za a gan ni daga kai zuwa gwiwa, bakin buhun ma ya shigo. Kyamarar baya za ka buɗe, ka goge gilashinta da gefen riga, ka sa ta a 1080p, ka kunna airplane mode don kada abokanka su kira a tsakiyar magana.

Sauti ya fi damuna a kan hoto. Mutum zai jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in ba ya jin magana zai wuce zuwa na gaba. Na aro ƙaramar makirfo mai maƙalawa a wurin ƙawata. A wajen hijabi za mu maƙala ta, ƙasa da haɓa da kamar taƙi ɗaya, domin in ta shiga ciki ƙarar yadin kawai za a riƙa ji. Shuɗin hijabina mara ado zan sa. Fari yana ƙyalli a rana, ruwan ƙasa kuma zai saje da katanga.

Tsawon lokaci

Sun ba da minti 2, ni kuma minti 1 da daƙiƙa 50 nake so. Ragowar daƙiƙa 10 na numfashi ne da ɗaure buhu. In muka wuce, ba zan ƙara sauri ba, jimla zan yanke, kuma wadda za ta fara tafiya ita ce ta maganar Turai. In ka ga agogo ya kai 1:30, ka ɗaga hannu ta bayan waya ba tare da ka yi magana ba.

Abin da zan faɗa

0:00 zuwa 0:15. Ina kallon kyamara, hannuwana a kan cinya.

"Assalamu alaikum. Sunana Rukayya Isa, daga Bichi a Jihar Kano. Na yi babbar difloma a fannin aikin gona a Kwalejin Audu Bako da ke Dambatta, na gama a 2022. Ina neman aikin malamar gona da kuka sanar."

0:15 zuwa 0:40. Zan ɗebo wake daga ƙwarya in nuna.

"Na tashi a gidan da ake noman wake, kuma na san abin da ke faruwa bayan girbi. Ko dai a sayar da shi da arha a kaka saboda tsoron ƙwari, ko a zuba masa fiya-fiya a ajiye, mu ci da yaranmu. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015."

0:40 zuwa 1:20. Zan jawo buhun gabana in buɗe bakinsa.

"Lokacin bautar ƙasa a ƙaramar hukumar Akko ta Jihar Gombe, na koya wa mata 40 amfani da wannan buhun. Ga yadda nake gaya musu. Iya, kin ga leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Ki bari wakenki ya bushe sosai, ki sheƙe shi. Ki duba ledar, in ta huje ko da ƙanƙane ne, kada ki yi amfani da ita. Ki zuba, ki matse iskar, ki murɗe bakin ledar ciki ki ɗaure ta ita kaɗai. Sai ta biyu, sai buhun. Ƙwaro numfashi yake yi kamar ni da ke, in iska ta ƙare masa shi ke nan. Kada ki riƙa buɗewa kina leƙawa."

1:20 zuwa 1:40. Zan saki buhun in dawo da idona kan kyamara.

"Da farko ba su yarda ba. Sai muka cika buhu biyu a gidan shugabarsu, ɗaya irin wannan, ɗaya na gargajiya, muka buɗe a gabansu bayan wata huɗu. Daga ranar su da kansu suka haɗa kuɗi aka sayo musu."

1:40 zuwa 1:50.

"Ina shiga gidajen da malamin gona namiji ba zai shiga ba, kuma a shirye nake in zauna a ƙauyen da kuka tura ni. Na gode da sauraro."

Nan ya ƙare. In na ce na gode, kada ka kashe nan take. Ka ƙirga uku a zuciyarka ina nan ina kallon kyamara, sannan ka danna. A farko ma haka, ka kunna, ka ƙirga uku, ka gyaɗa mini kai.

Na san Umma za ta ce gaisuwar ta yi gajarta, ina "ranku ya daɗe", ina "da fatan kuna lafiya". Na rubuta su da farko, sai na ga sun cinye wurin bayanin ɗaure leda ta biyu. Sallama ta wadatar. Haka kuma na cire "ni mai ƙwazo ce, mai haƙuri, mai son aiki da jama'a", domin duk wanda ya aika bidiyo zai faɗi haka, kuma babu mai iya tabbatarwa. Labarin buhu biyun nan ya isa ya nuna haƙurin, in akwai shi.

Sashen tsakiya shi ne zuciyar bidiyon, kuma nan nake so ka sa ido. Lokacin da na ce "Iya", muryata za ta sauya, ta koma yadda nake magana da Gwaggo in muna tsince wake. In ka ji na koma muryar mai karanta labarai a rediyo, ka tsayar da ni mu sake. Sannan ka lura da hannuwana, kada su fita daga hoto sa'ad da nake murɗe leda. Buhun rabi za mu cika shi, don in ya cika ba zan iya jawo shi ina zaune ba. Igiyoyi uku za mu yanka tun da wuri mu ajiye a kan benci. Ledar ciki kaɗai zan ɗaure a zahiri, sauran biyun nunawa zan yi da hannu, in ba haka ba lokaci zai tafi. Ledar tana da ƙara, saboda haka zan yi shiru sa'ad da nake murɗawa, in ci gaba bayan na ɗaure.

Ba zan riƙe takarda ba, kuma ba zan haddace kalma bayan kalma ba. Ka rubuta kalmomi biyar da manyan baƙaƙe a kan kwali ka jingina ƙasa da wayar: suna, kaka, buhu, gwaji, gidaje. In na yi ɗan tuntuɓen harshe na gyara da kaina, ka bar shi ya tafi. In na manta sashe gaba ɗaya ko jaki ya yi kuka, sai mu sake daga farko. A ɗauka ɗaya nake so ya fita, ba yanke-yanke, ba kiɗa, ba tacen da ke sauya fuska.

Bayan ɗauka

Kafin mu bar gidan Kawu za mu saurari wanda muka zaɓa da abin kunne. Za kuma mu kunna wa Gwaggo ta kalla, in ta iya maimaita yadda ake ɗaure buhun to ya yi. Sai ka datse shirun farko da na ƙarshe, ka duba nauyinsa. In ya haura MB 100, ka sauke shi zuwa 720p. Sunan fayil ɗin kamar yadda suka buƙata:

```
Rukayya_Isa_Malamar_Gona.mp4
```

In za ka turo mini ta WhatsApp, ka turo shi a matsayin Document, domin in ka tura shi a matsayin bidiyo matse shi yake yi hoton ya lalace. Ranar Lahadi da safe zan ɗora shi a shafinsu, ba zan jira Litinin in dogara da sabis ba.

Ka kwana da wayar a caji ranar Juma'a, ka share tsofaffin bidiyoyin ƙwallon nan don a sami wuri. Kuɗin mai da na data suna wuyana, ƙosai da kunu kuma Gwaggo ta ce ta ɗauka.