Yadda kaji 500 suka cinye mini ₦1,276,500 a Gombe

Na rufe kiwon kajin da na fara a Tumfure. Da aka tambaye ni dalili, nakan ce cuta da zafi ne suka kashe su. Akwai gaskiya a ciki, amma da na zauna da littafin lissafi sai na ga kasuwancin ya mutu tun ranar da na biya kuɗin 'yan tsaki, domin na sayi kaji 500 alhali kuɗin da ke hannuna rabin abincinsu kawai zai saya.

Jarin ₦2,000,000 ne: ₦1,200,000 nawa, ₦800,000 na Yayata. Na zuba 'yan tsakin biroila a tsakiyar Fabrairun 2025 da nufin su cika sati shida daidai da Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris. 'Yan tsaki sun ci ₦450,000, ɗaya ₦900. Hayar ɗaki, gyaransa da kwanukan ci da sha ₦380,000. Riga-kafi, magani, gawayi, buntu da ruwa ₦170,000, yaron da ke taya ni ₦60,000. Abin da ya rage ya sayi buhu 44 na abinci a kan ₦21,000 kowanne, saura ₦16,000.

Ga lissafin da ban yi ba. Biroila ɗaya tana cin kusan kilo 4.2 kafin ta cika sati shida. Kaji 500 ke nan kilo 2,100, wato buhu 84 mai kilo 25. Kuma cin ba a raba shi daidai: ɗan tsako a satin farko abin da yake ci bai taka kara ya karya ba, shi ya sa mutum ke ganin buhuna a jibge ya ɗauka yana da yalwa. Rabin abincin gaba ɗaya a sati na biyar da na shida ake cinye shi. Nawa ya ƙare ana shiga sati na biyar, lokacin da kaza ke tara naman da za a saya.

Sai na yi abin da ya fi komai cutar da ni: na karɓi abinci bashi a kan ₦23,000 kowane buhu, na riƙa haɗa shi da dusa don ya yi auki. Dusa tana cika ciki, amma ba ta da furotin ɗin da finisha, abincin da ake ba su a makonnin ƙarshe, ke da shi. Kaza za ta ci ta ƙoshi, sikeli kuma ba zai motsa ba. Ranar da suka cika sati shida yawancinsu kilo 1.6 zuwa 1.7 suke, maimakon su haura kilo 2. Da ina auna guda ashirin duk sati, da na ga hakan da wuri. Ba ni da sikeli a lokacin, da ido nake aunawa.

Kaji 131 suka mutu. 22 sun tafi a satin farko, yawanci saboda gawayi ya mutu cikin dare sun taru sun danne juna. Ɗan tsako yana son ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a satin farko, ana ragewa a hankali. 41 cutar Gumboro ta kashe, duk da na yi riga-kafin. Na sayo shi da safe ba ƙanƙara, ya wuni a aljihu, na jiƙa da ruwan famfo da yamma. Riga-kafin Gumboro da Lasota, wato na cutar Newcastle, masu rai ne, zafi yana kashe su, kulorin ɗin ruwan famfo ma haka. Ana ɗauko shi a cikin kula mai ƙanƙara, a janye wa kaji ruwa kamar awa ɗaya zuwa biyu don su ji ƙishi, a ba su da sanyin safiya cikin ruwan da ba magani, su shanye cikin awa biyu. Ranakun bayarwa kuwa likitan dabbobi ya tsara maka, ba mai shago ba.

Sauran 68 zafi ne. Ɗakin mita 8 ne da mita 5, rufin kwano mai gajarta. Kaji 500 a nan ya zama sama da 12 a kowace murabba'in mita. A zafin Gombe na Maris da Afrilu, da yakan kai digiri 40, takwas ma sun isa, wato ɗakin na kaji 320 ne. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma wadda ta fi ƙiba ita ke fara faɗuwa, yawanci tsakanin azahar da la'asar. Janye abinci da hantsi, sauya ruwa mai sanyi da shimfiɗa ciyawa a kan kwano suna taimakawa, amma ba sa gyara cunkoso.

Sannan kasuwa. Ban yi magana da mai saye ko ɗaya ba kafin na zuba kaji. Na dogara da cewa Sallah ce, kowa zai yanka kaza. Duk mai kiwo a gari shi ma lissafin da ya yi ke nan, kaji suka cika kasuwa, nawa kuma ƙanana. Dillalai suka taya ₦5,500, na ce ba zan sayar ba, na riƙe su sati biyu. Kajin suna cin buhu biyu da rabi kullum, ₦57,500 ke nan a rana. Buhu 35 suka tafi a wannan jira, ₦805,000, yawancin waɗanda zafi ya kashe ma a lokacin suka mutu. Daga ƙarshe ₦5,500 ɗin na sayar wa dillalai guda 249. Sun san mai biroila ba ya iya jira, ni ne ban sani ba.

Guda 120 na sayar ɗaiɗai a kan ₦7,500. A ciki 30 bashi ne na 'yan uwa da abokai, ₦225,000, kuma ₦90,000 kawai ya dawo. Ban rubuta ranar biya da kowa ba, kunya ta hana ni.

Jimillar abin da na kashe ₦3,411,000, har da buhu 59 na bashi da dusar ₦70,000. Kuɗin da ya shigo hannu ₦2,134,500. Kowace kazar da ta rayu ta tsaya mini a kusan ₦9,240, na sayar da ita a kan ₦6,150 idan aka daidaita. Ko da babu wadda ta mutu bayan satin farko, jiran nan da dusar nan sun isa su cinye ribar.

Wanda ke da ₦2,000,000 irin nawa, ya fara ware kuɗin abinci na sati shida, ya ƙara buhu ɗaya a kan kowane goma saboda tashin farashi, sannan ya ga tsaki nawa ragowar za ta ɗauka. A farashin da na samu, kaji 250 ne, ko 300 idan an matsa. Kafin su iso, ya zaga wurin masu gashin kaza, gidajen abinci da masu sayar da daskararrun kaji, ya ji nauyin da suke so, nawa suke ɗauka a sati da kuma ranar da suke biya. Idan da hali ya raba zubin gida biyu, tsakaninsu sati biyu ko uku, don kuɗin na farko ya ciyar da na biyu. Ya sa ranar da zai kwashe kajin, ya rubuta ta, ya sayar a ranar ko farashin bai yi masa daɗi ba.

Na biya mai abinci ₦1,427,000 ɗinsa. Ragowar ₦723,500, har da ₦16,000 ɗin da ya saura tun farko, na kai wa Yaya, tana bina ₦76,500, na yi mata alkawarin ₦20,000 duk wata. Nawa ₦1,200,000 ya tafi. Kwanukan ci da sha na nan a ajiye, ɗakin kuma na mayar wa mai shi.