Jawabin ungozoma ga masu jego ranar rigakafi: idan nono ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ki

Assalamu alaikum. Masu jego, sannunku da zuwa, ya jego, ya yaran? Kakanni da kuka rako su, ina gaishe ku, kuma ku matso kusa, don rabin maganar nan taku ce. Kafin a fara kiran kati, zan ɗan tsare ku a kan ciwon nono mai zuwa da zazzaɓi.

Ya fi kama mace a makonni 6 na farko bayan haihuwa, ko da yake yana iya zuwa kowane lokaci har zuwa yaye. Sai ki ji gefe guda na nono ɗaya ya yi tauri, ya ɗau zafi, ko riga ce ta taɓa shi sai kin cije leɓe. Ga mai hasken fata wurin yakan yi ja. Mu da yawancinmu baƙaƙe ne, jan ba ya fitowa sosai, sai dai ki ga wurin ya ƙara duhu yana sheƙi, to kar ki ce ai bai yi ja ba. Daga nan sai sanyi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har da kaluluwa a hammata.

Mafarinsa yawanci ruwan nono ne da ya taru bai samu fita ba. Yaro ya yi dogon barci, ko kin je biki kin daɗe, ko rigar nono ta matse ki, ko yaron kan nonon kaɗai yake kamawa bai cika bakinsa da baƙin da ke kewaye ba. Naman wurin sai ya kumbura ya danne hanyoyin ruwan. A wannan mataki sau da yawa babu ƙwayar cuta a ciki, kumburi ne kawai, kuma shi kansa kumburin yana kawo zazzaɓi. Ƙwayar cuta tana samun shiga ne daga baya, musamman idan kan nonon ya tsage.

Abin da na fi so ku tafi da shi gida: kar ki daina shayarwa. Na san abin da ake faɗa a gidaje, wai nonon ya lalace, zai sa yaro zawo, a ɗauke shi har a warke. Hajiya, da girmanki, wannan shawara ce ke mayar da ƙaramin kumburi ya zama ƙurji. Ruwan nonon bai lalace ba, ba ya cutar da yaro, kuma tsotson yaron shi ne ke buɗe hanyar. Ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, daga nonon biyu. Idan zafin ya hana ki farawa da mai ciwon, fara da mai lafiyar, in ruwa ya sauko sai ki juya shi. Ruwan ɓangaren da ke ciwo yakan ɗan yi gishiri-gishiri, shi ya sa wani yaron ke kau da kai. In ya ƙi, ki wanke hannu ki tatsa a hankali daidai yadda za ki ji sauƙi, ki zuba a kofi mai tsabta ki ba shi. Kar ki ce sai kin tatse shi ƙarƙaf, don yawan tatsa yana sa jiki ya ƙara kawo ruwa, kumburin ya ƙaru. Yaron da bai kai wata 6 ba kuma, ciwon nan ba dalili ba ne na fara ba shi ruwa ko madarar gwangwani.

Mace ɗaya ce hukuncinta ya bambanta: mai ɗauke da cutar ƙanjamau. Ita ta shayar da nonon mai lafiya kaɗai, ta tatse mai ciwon ta zubar, ta ci gaba da shan maganinta, ta zo mu ganta a ranar.

Sai batun gashi. Mu Hausawa ruwan zafi muka sani da jego, to amma nono mai kumburi sanyi yake so. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa, ko a naɗe ƙanƙara a ƙyalle, a ɗora minti 10 bayan yaro ya sha. Ɗumi kaɗan kafin shayarwa babu laifi in yana miki daɗi. Amma a tsoma tawul a tafasasshen ruwa a danna, ko a kama nonon ana murzawa da ƙarfi wai a fasa kullutun, wannan ƙara rauni ne a kan rauni. Shafa kawai ake yi sama-sama, daga nonon zuwa hammata. Ki sassauta rigar nono, ki sha ruwa, ki kwanta. Kakanni, nan ne aikinku: a karɓe mata girki da wanki na kwana biyu.

Don zafi da zazzaɓi, farasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500 duk bayan awa 6, kar ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Aibufurofen miligiram 400 duk bayan awa 8, bayan an ci abinci, shi ya fi sauke kumburi, amma mai gyambon ciki ko asma ko ciwon ƙoda ta tambaye mu tukuna. Dukansu ba sa hana shayarwa.

To yaushe ake buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta? Ba kowane kumburi ba. Da yawa suna sauka da abin da na faɗa. Amma idan kin yi awa 24 kina shayarwa, kina sa sanyi, kina shan maganin zafi, ba sauƙi ko abin gaba yake yi, ki zo. Kar ma ki jira awa 24 idan zazzaɓin ya yi tsanani har kin kasa tashi, ko kan nonon ya tsage yana fitar da mugunya, ko nonon biyu ne suka kama. Idan akwai jiri da amai da bugun zuciya da sauri, ko ciwon mara da jinin biƙi mai wari, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Kuma in kin zo za mu gwada jininki, don maleriya da ciwon nono suna iya haɗuwa a jiki ɗaya.

Abin da nake roƙo, kar a aika yaro kemis ya sayo kafso na kwana biyu. Ƙwayar cutar da ta fi kawo ciwon nan sau da yawa ba ta jin amoksisilin shi kaɗai. Likita yakan rubuta irin su kuloksasilin ko sefaleksin, sau 4 a rana, kwana 10 zuwa 14, kuma ana shayarwa ana shan su. In kin taɓa shan fenisilin jikinki ya yi borin jini ko fuska ta kumbura, ki faɗa a canza miki. Seftirin kuwa ba a ba uwar jaririn da bai kai wata ɗaya ba, ko uwar jariri mai ciwon shawara. Za ki ji sauƙi cikin kwana 2, amma ki shanye maganin duka. In kwana 2 sun cika ba canji, ki dawo da ragowar a hannunki mu gani.

Idan kullutun ya yi laushi kamar da ruwa a ciki, ya tara mugunya ke nan, magani kaɗai ba zai isa ba. Kar a kai wa wanzami ya yi sakiya. A asibiti ana zuƙe ta da allura ko a ɗan tsaga, kuma ko a lokacin yawanci ana ci gaba da shayarwa, in dai bakin yaro ba ya taɓa wurin. Kullutun da ya ƙi ɓacewa bayan an gama magani kuma, sai likita ya duba shi da hoto, kar a zuba masa ido.

Duk wadda kan nononta ke zafi ko ya tsage, bayan an yi wa yaronta allura ta same ni a ɗakin awo in ga yadda yake kamawa. Masu kati daga 1 zuwa 10, ku taso.