Shekarar da Muka Ci Anza

Gajeren labari don aikin aji, a kan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914

Garinmu yana arewa da Ɗambatta. Bara ruwa ya sauka a makare, ya kuma ɗauke gero bai yi bununi ba. Malamai suka fita roƙon ruwa, mu yara muna biye da allunanmu, amma hadari sai ya haɗo ya watse. Gonar da Baba ke ɗaure dami har ya gaji, abin da muka kwaso daga cikinta jaki ɗaya ya ɗauke.

Duk da haka dagaci ya aiko a kai haraji, kuma Nasara ba ya karɓar wuri, sai kuɗin ƙarfe. Baba ya sayar da akuyar Inna da 'yar gyaɗar da ya samu, ya biya. Kafin sanyi ya wuce, rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji, sannan kajin ma muka cinye su.

Tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwan dusa. Da dusa ta ƙare, Kaka ta ce in ɗauko ƙwarya in biyo ta daji, ta nuna mini anza.

Ni yanzu na san anza fiye da yadda na san allona. Ɗacinta ba a magana, kuma wanda ya ci ta ɗanya cikinsa zai murɗa. Sai an ɓare, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki. Ruwan kuwa daga rijiyar da ta yi nisa nake jawo shi, guga ta fito rabinta laka. Wahalar ba jan ruwan ba ce, zaman jiran ne: ga abinci a tukunya kana gani, an ce sai jibi. Auta ba ya gane jibi. Yakan rarrafa ya kama bakin tukunyar, Inna ta ɗauke shi ta goya, ta yi ta zagaya tsakar gida da shi har ya yi barci.

Muna kuma sussukar ƙarangiya, ƙaya ta cika mana hannu saboda 'yan ƙwayoyin da ba su cika tafi ba. Yaya ya koyi haƙa gidan tururuwa ya kwashe tsabar da suka tara. Ranar farko Kaka ta ce, "Allah Ka yafe mana, yau mun shiga rumbun da ba namu ba." Amma ta ci, mu ma muka ci.

Mutanen arewa suka fara wucewa ta bakin garinmu, daga Damagaram da ƙasashen Buzaye, sun nufi Kano. Wasu sukan zauna a gindin tsamiya su ce za su huta, ba su ƙara tashi ba. Makarantar allonmu ta watse, don almajiri ya yi bara gida goma ba a zuba masa ko loma. Baba ya bi ayarin, ya ce an ce akwai dako a tashar jirgin ƙasa. Da zai tafi ya kira ni bayan ɗaki, ya nuna mini inda ya binne tulun iri.

"Kai kaɗai da innarka kuka sani," in ji shi. "Ko me ya faru, kada a taɓa."

Auta ya rasu da bazara. Daren da jikinsa ya yi tsanani na ce, "Inna, in tono? Ko tafi ɗaya a dama masa."

Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce, "Jeka." Na tono, ta daka, ta dama kunu mai kyau irin na da, amma ya kasa haɗiya. Da asuba ta miƙa mini ƙoƙon ta ce in shanye kada ya lalace. Ina sha ina kuka, kuma wallahi daɗinsa na ji.

Baba ya dawo ana gab da shuka, ya rame har sai da muryarsa na gane shi, da 'yar dawa a ƙullin riga. Inna ta faɗa masa komai, har da tulun. Ya yi salati, ya yi wa Auta addu'a, bai ce uffan a kan irin ba.

Yanzu ruwa ya sauka, mun yi shuka. Baba yana sara da sungumi, ni da Yaya muna zuba iri muna rufewa da diddige. Irin bai kai ƙarshen gona ba, kunya uku suka rage. Tafasa da yaɗiya sun fito, Inna na yin kwaɗo ba ƙuli. Baba ya ce sai mun ƙara wata biyu kafin mu gasa tumu, kuma gobe da sassafe za mu fara noman fari, ko da a zaune ne.