Tsarin yanka laccar Dakta ta hawan jini zuwa kashi biyar

Malam Sani, barka da aiki.

Na gama zama da laccar jiya da dare, na saurare ta sau biyu, layin masu kallo a buɗe a gefe ɗaya, rubutun maganar a ɗaya gefen. Ga inda na tsaya. Tsawonta minti 61 da sakan 20 ne, an kalle ta sau 8,400 cikin wata uku. Za mu fitar da kashi biyar da ƙaramin guntu ɗaya, mu zubar da kusan minti 12.

Layin da nake magana a kai, wanda ke nuna mutum nawa cikin 100 ke ci gaba da kallo a kowane lokaci na bidiyon, yana cikin YouTube Studio, ƙarƙashin Analytics, sai Engagement, wurin da aka rubuta Key moments for audience retention. Ka buɗe shi kafin ka taɓa fayil ɗin, don duk lambobin da zan kawo daga can suke. Abu ɗaya nake so ka riƙe: ban yanka ko'ina don layin ya faɗi kawai ba. Faɗuwar tana nuna mini wurin da zan je in saurara. Ainihin gurbin almakashi kuwa daga rubutun na ɗauko shi, inda Dakta ya rufe zance ya buɗe wani. Sau da yawa gurbin yana zuwa kafin faɗuwar da sakan 20 zuwa 40, saboda mutum ba ya tashi a daidai lokacin da zance ya sauya, sai ya ɗan jira ya ga ko sabon zancen nasa ne.

Farko, 00:00 zuwa 04:05 duk a zubar. Gaisuwa ce, da godiya ga masu shirya taro, da gyaran makirufo. A sakan 30 mutum 62 cikin 100 ne suka rage, kafin minti 4 sun koma 41. Fiye da rabin masu kallo sun tafi Dakta bai ce uffan a kan jini ba.

Kashi na 1 ya fara daga 04:06, inda ya ce "zuciya famfo ce," ya ƙare a 12:40. Nan ne bayanin lambobin nan biyu, ta sama lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa lokacin da ta saki, da kuma iyakar 140 a kan 90 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita idan an auna a ranaku biyu daban. Layin yana gangara a hankali daga 41 zuwa 36. Babu matsala a nan, ka yanka kai tsaye.

Kashi na 2, 12:41 zuwa 21:15, shi ne gwarzon laccar. A 16:30 layin ya yi tsalle sama, abin da bai yi ba a ko'ina sai wuri ɗaya can gaba. Tsalle irin wannan yana nufin mutane suna komawa baya su sake kallo, ko kuma ana turo wasu kai tsaye zuwa wurin. Da na duba, nan ne ya kira wani daga cikin masu sauraro ya ɗaura masa na'urar awo, yana nuna cewa a zauna a huta minti 5, hannu ya daidaita da zuciya, kada a yi magana ana awo. Na so in ɗauko sakan 12 daga 16:30 in sa a bakin kashin, kafin 12:41, don mai kallo ya san abin da ke jiransa. Ka gwada. In ya zama kamar talla, ka cire, ba zan ji haushi ba.

Daga 21:16 zuwa 24:50 majigi ya ɗauke, Dakta ya cike gurbin da tarihi: Riva-Rocci da ɗamarar hannu ta 1896, Korotkoff da sautin da ake saurara a 1905. Layin ya sauko daga 34 zuwa 27, faɗuwa mafi girma bayan ta farko. Ni labarin ya yi mini daɗi, kuma ina zargin ba shi ya kori mutane ba, duhun allo ne da mutumin da ke ta kai-komo a gaban kyamara da waya a hannu. Duk da haka ba zai shiga jerin ba. Ka ciro 22:05 zuwa 23:50 a matsayin guntu mai zaman kansa, a tsaye, mu sa shi cikin Shorts tunda bai kai minti 3 ba. A rufe duhun da hoton tsohuwar na'ura.

Yanzu wurin da ya ci mini lokaci. Tsakanin 24:51 da 46:10 akwai minti 21 da ɗoriya, dole a raba su, kuma layin da rubutun ba su yarda da juna ba.

In layi kaɗai za ka bi, a 38:40 za ka yanka, don nan ne ya nutse daga 24 zuwa 19. Na saurari wurin sau uku. Babu wani zance da ya ƙare. Dakta yana tsakiyar bayanin yadda hawan jini ke lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda, sai ya sa wani jadawali mai ƙananan lambobi a allo, ya juya baya yana karantawa har sakan 70. Mutane sun tsallake ne, shaida kuwa ita ce layin ya sake hawa zuwa 22 a 40:05. Wanda ya rufe bidiyo ba ya dawowa ya ɗaga layi. Wanda ya ja gaba ne yake yin haka. Da mun yanka a nan, kashi na gaba zai buɗe da "saboda haka ita ma idon..." babu wanda zai san saboda mene ne. Maganin wurin a cire 38:45 zuwa 39:52 daga ciki, a bar jimlarsa ta ƙarshe wadda ta taƙaita jadawalin.

Rubutun ma ya so ya yaudare ni. Dakta yana da al'adar cewa "to, yanzu," na ƙirga sau 43 a laccar, kuma yawancinsu numfashi ne kawai. Don haka na daina bin irin waɗannan kalmomi, na koma duba sunayen abubuwan da yake ambata. Na raba rubutun gida-gida, kowane gida minti ɗaya, na ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke maimaituwa. Dabarar tsohuwa ce, Marti Hearst ta bayyana irinta a 1997 da sunan TextTiling: inda gidaje biyu maƙwabta suka daina raba kalmomi, nan zance ya juya. Daga 24:51 kalmomin su ne gado, shekaru, ƙiba, gishiri, giram 5. A 30:05 kalmar ƙoda ta shigo, har na ɗauka sabon babi ne, amma gishiri da gado ba su ɓace ba, yana lissafa ciwon ƙoda ne cikin abubuwan da ke jawo hawan jini. Sai a 35:31 tsoffin kalmomin suka ɗauke gaba ɗaya, shanyewar ɓarin jiki da ido da bugun zuciya suka maye gurbinsu. Ya kuma yi shiru na sakan 4 ya sha ruwa. Da na koma kan layi, sai ga wata 'yar gangara a 36:00 da ban kula da ita ba tun farko. Nan ne gaɓar.

Saboda haka kashi na 3 shi ne 24:51 zuwa 35:30, abin da ke jawo shi. Kashi na 4 shi ne 35:31 zuwa 46:10, ɓarnar da yake yi, ban da sakan 67 ɗin jadawali. Na 3 ya fi kowanne tsawo, minti 10 da sakan 39. Na san ka fi son kada a wuce minti 8, amma na gwammace kashi ya yi tsawo da ya tsaya a tsakiyar hujja.

Kashi na 5, 46:11 zuwa 53:00, magani. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka. Layin yana kan 17, amma shimfiɗe yake kamar tabarma, ga tsalle na biyu a 49:20 inda yake gargaɗin kada mutum ya bar shan magani don ya ji sauƙi. Duk abin da ke ƙarshen bidiyo mai awa ɗaya ƙaramar lamba zai samu, komai kyansa, tunda waɗanda suka jure ne kawai suka iso. Gangarar nake dubawa, ba tsayin ba. Sai dai waɗannan masu juriya ba su ne za su ci karo da kashin a karon farko ba, don haka ban ɗauki shimfiɗar a matsayin alkawari ba.

Tambayoyi sun fara daga 53:01. Ba a jin muryar masu tambaya. Biyu kawai na zaɓa, 54:10 zuwa 56:25 da 58:02 zuwa 59:30, duka a kan magani suke, a liƙa su a ƙarshen kashi na 5 tare da rubuta tambayar a allo. Sauran a zubar.

Akwai wurare huɗu da ya jingina da abin da ya faɗa a baya, wanda mai kallon kashi ɗaya bai ji ba: 13:02, 25:20, 36:15 da 47:40. Uku na farko "kamar yadda na ce ɗazu" ne kawai, cire su ba zai rage komai ba. Na 47:40 ya fi wuya, yana nufin lambar 140 a kan 90 ba tare da ya maimaita ta ba. A rubuta ta a allo na sakan 5. Kada ka haɗa masa jimla daga guntayen muryarsa na wani wuri. Maganar lafiya ce, abin da bai faɗa a jere ba kada mu sa ya faɗa.

Don duba gaɓoɓin da sauri kafin ka shiga aiki sosai:

```
ffmpeg -ss 00:24:51 -to 00:35:30 -i lacca.mp4 -c copy kashi3.mp4
```

Da `-c copy` ba a sake sarrafa hoton, don haka farkon zai iya zamewa da 'yan sakanni. Na gwaji ne kawai. A yankan gaske ka bar rabin sakan na shiru kafin kalmar farko, ka kuma bar sakan 10 a ƙarshe don End screen ya nuna kashi na gaba. Fayil ɗin `lacca.srt` na gyara shi da hannu har ƙarshe, amma lokutansa na tsohon bidiyo ne, sai ka ja su baya ga kowane kashi.

Jerin cikin Playlist zai bi tsarin laccar, 1 zuwa 5. Wajen saki kuwa ina so mu fara da na 2, tunda shi ke da tsalle kuma yana tsayawa da ƙafarsa, shi ya sa kada a sa lamba a taken bidiyon, a sa tambaya: "Yaya ake auna hawan jini daidai?" Tsohon bidiyon mu bar shi inda yake, mu ƙara masa babi-babi a bayaninsa da waɗannan lokutan, na farko ya zama 00:00 in ba haka ba ba za su fito ba.

Ka turo mini na 3 da na 4 tukuna ranar Laraba, su nake so Dakta ya gani kafin mu ci gaba, musamman wurin da muka cire jadawalinsa. In ya ce a mayar, za mu sake zana shi da manyan lambobi mu rage shi zuwa sakan 15.

Na gode,
Rabi